Kayan da ke fita su dawo: a rubuta ranar fita, a rubuta ranar dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shago a wani ƙauye kusa da Gujungu, ina sayar da lemon kwalba, ina kai tukwanen gas gari a cika, kuma ina da injin ban ruwa guda biyu da nake bayarwa haya. Ina rubuta bashin kuɗi, amma bana kiret 9 da tukunyar gas 2 sun ɓace mini, ban san a hannun wa suke ba, injin kuma sai a karɓa na kwana biyu ya yi mako. Yaya zan yi in riƙa sanin inda kayana suke ba tare da na ɓata da mutanen gari ba?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Littafin bashi ba zai iya riƙe maka wannan aiki ba, domin shi da zarar an biya kuɗi sai ka soke layi, alhali kuwa mutum yana iya biyan kuɗin lemonsa tsaf, kiret da kwalaben kuma suna nan a zaurensa. Saboda haka kayan da ke fita su dawo suna bukatar littafinsu daban, wanda ba a rufe layi a cikinsa sai ranar da kayan suka shigo shago ka gan su da idonka.

Ka sayi littafi mai bango mai kauri, ka rubuta shekara a saman kowane shafi, sannan ka ja layi da rula ka raba shafin gida bakwai: ranar fita, sunan mai karɓa, abin da ya fita da adadinsa, ranar alkawari, kuɗin ajiya, ranar dawowa, da halin da kayan suka dawo. Ka lura ranaku uku ne a nan, ba biyu ba. Mutane da yawa suna rubuta ranar fita da ranar dawowa kawai, sai littafin ya zama labarin abin da ya riga ya wuce, ba ya gaya musu yau wa ya kamata a bi. Ranar alkawari ita ce ke sa littafin aiki, domin da ita ne za ka buɗe shafi da safe ka ga cewa wane ya wuce lokacinsa da kwana uku. Kuma dole ta zama rana ce da aka rubuta da lamba. Idan mutum ya ce zai dawo da kaya ran kasuwa, ka tambaye shi ko Lahadin nan yake nufi ko ta sama, ka rubuta Lahadi 12/1, ka karanta masa ya ji. Maganar “bayan biki” ko “in na gama ban ruwa” ba rana ba ce, kuma ba za ka iya cewa mutum ya saɓa alkawarin da ba shi da rana ba. Ko da lissafin watan Musulunci ka fi sabawa, babu laifi, kuma ko da ajami ka fi iya rubutu, ka rubuta da shi. Abin da ba na so shi ne ka gauraya lissafi biyu a littafi ɗaya.

A gidan sunan mai karɓa akwai abin da ake yawan mantawa, shi ne wanda ya zo ya ɗauka. A ƙauye mai kaya ba kasafai yake zuwa da kansa ba, yaro yake aikowa ko ɗan acaɓa ko mai kura. Ka rubuta sunan wanda ya yi aiken da sunan wanda ya ɗauka, domin ranar da maigida ya ce shi bai san da maganar ba, wannan suna na biyu shi ne zai warware zancen cikin ruwan sanyi.

Kiret da kwalba ana bin su ne da ƙidaya, tunda kowane kiret na kamfani ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Ga wanda yake ɗauka kullum ko mako-mako, kamar mai shayi ko mai abinci, ka ware masa shafinsa shi kaɗai, ka ƙara gida ɗaya na ragowar da ke hannunsa. Mu ɗauki misalin mai shayin bakin tasha. Ranar Litinin 6/1 ya ɗauki kiret 5 da alkawarin Litinin 13/1, ragowa 5 ke nan. Ranar 13/1 ya kawo 3 ya ɗauki 4, ragowa ta zama 6. Ranar 20/1 ya kawo 4 ya ɗauki 4, ragowa tana nan 6. Wanda ba ya rubutu zai ga mutumin kirki mai kawo kaya duk mako, kuma ba ƙarya ba ne, amma gidan ragowa yana nuna wani abu dabam: mutumin da cinikinsa kiret 4 ne a mako yana riƙe da 6, ke nan akwai 2 da suka daina zagayawa. Wataƙila sun zama kujerar zama a teburinsa, wataƙila ya ba wani aro, wataƙila kuma motar wani dila ta kwashe su cikin nata. Ba ka bukatar zargin kowa. Ka ce masa kawai littafi ya nuna 6 a wurinsa, kana so ka leƙo ka gan su, kuma ka mayar da wannan leƙe al'adarka sau ɗaya a wata ga duk mai shafi. Alamar da za ka riƙa nema ita ce ragowar da take hawa a hankali alhali cinikin mutum bai ƙaru ba.

Kwalba ma sai an ƙirga, kuma a gaban wanda ya kawo. Kiret na ƙananan kwalabe yana cin 24, saboda haka idan gidan biki suka ɗauki kiret 7, kwalba 168 suka fita. Idan suka dawo da kiret 7 cif amma kwalba 157, an yi maka giɓin 11, kusan rabin kiret, kuma idan ka bari sai motar dila ta zo sannan ka gano, kai ne za ka biya. Ka duba kwalbar da bakinta ya ɓantare da kwalbar wani kamfani da aka cike gurbi da ita, domin yawanci dila ba ya karɓar waɗannan. Idan kana sayar da lemon kamfani fiye da ɗaya, kowanne ka ƙirga shi daban, kada ka haɗa su a lamba ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk wannan amsa, wato ƙidayar mako. Ka zaɓi rana guda, misali yammacin Asabar kafin hidimar kasuwar Lahadi ta ɗauke maka hankali, ka haɗa abin da ke cikin shago da abin da littafi ya ce yana waje, ka gwada da jimlar abin da kake da shi. A ce jimlar kiret ɗinka 40 ce. Ranar Asabar 18/1 ka ƙirga 12 cike da lemo, 9 babu komai, 21 ke nan a shago. Littafi ya ce mai shayi yana da 6, mai abinci 4, gidan biki 7, wato 17 a waje. Ka haɗa ka sami 38, biyu sun yi ɓatan dabo. Amma da yake Asabar da ta wuce lissafi ya cika 40, ka san ɓatan ya auku ne cikin kwana bakwai ɗin nan, kuma abin da ya faru cikin kwana bakwai ana iya tuna shi. Ka tambayi yaron shago ko ya ba wani bai rubuta ba, ka duba ko ranar da motar dila ta zo ta sauke 10 ta ɗauki 12. Kayan da suka ɓace maka bana ba don sun yi nisa ba ne ka rasa su, sai don watanni sun shige kafin ka san babu su, lokacin da kowa ya manta.

Wani lokaci kuma lissafin yana haura jimla, ka sami 42 maimakon 40. Kada ka yi murna. Ma'anarsa wani ya dawo da kaya ba a rufe layinsa ba, sai ka ƙirga su sau biyu, sau ɗaya a shago, sau ɗaya a littafi. A ganina wannan ya fi giɓi haɗari, domin zai kai ka ƙofar mutumin da ya riga ya sauke nauyi kana tambayarsa abin da ya kawo, kuma irin wannan ne ke ɓata zumuncin da kake tsoron ɓatawa. Don haka rubuta dawowa yana da nauyi daidai da rubuta fita. Jimlar 40 ɗin kuwa ba ta canzawa sai da dalili a rubuce: ka sayi ƙari, ko dila ya bar maka fiye da abin da ya ɗauka, ko ka tabbatar wani ya ɓata ka cire shi.

Tukunyar gas ba a bin ta da ƙidaya kawai, domin tukunya ba daidai take da 'yar'uwarta ba. Mutum yana iya karɓar sabuwar tukunyarka mai kilo 12.5 ya dawo maka da tsohuwa mai tsatsa a gindi, ko mai yoyo a baki, adadi ya cika amma dukiyarka ta ragu. Ka sami fenti ka rubuta wa kowace tukunya taka lamba babba a jikinta, 1, 2, 3, tare da wata alama taka, kuma a shafin farko na littafi ka jera su: lambar fenti, girman tukunya, ko mai kilo 3 ce ko 6 ko 12.5, da lambar da kamfani ya buga a ƙarfenta, wadda galibi ake samu a wajen mariƙi. Ana iya kankare fenti, amma lambar da ke cikin ƙarfe tana nan. Kada dai ka yarda a yi wa tukunya walda ko a sassaƙa mata alama da guduma, fenti ya isa. Daga nan layin littafi ba zai ce “tukunya ɗaya” ba, zai ce tukunya mai lamba 4 ta fita ranar kaza zuwa gidan wane.

Idan ta dawo, kafin ka cike gidan ranar dawowa, ka duba lamba, ka duba gindi da mariƙi ko sun lotse, sannan ka shafa ruwan sabulu a bakinta. Idan kumfa tana tasowa tana ƙaruwa, akwai yoyo, sai ka fitar da ita sarari nesa da wuta, ka rubuta halin da ta dawo. Kada a taɓa gwada yoyo da ashana. A jikin tukunya kuma akwai nauyinta lokacin da babu komai ciki, idan ka ɗora ta a sikeli ka cire wannan nauyi, abin da ya rage shi ne gas, kuma wannan yana kashe gardamar ko cike ta fita ko rabi.

Ranar alkawarin tukunya ta bambanta da ta kiret, domin gas yana iya yin makonni a gida kafin ya ƙare. Ka sa wa'adin da ya dace da yadda gidan ke girki, misali wata ɗaya, idan ya cika ba ta ƙare ba sai ka je ka gan ta, ka sabunta ranar a sabon layi. Manufar ita ce kada tukunya ta yi wata uku ba wanda ya san halinta.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda 'yan kasuwa kan manta da shi saboda ba nasu ne ke waje ba: kayan mutane da ke hannunka. Tukwanen da ake kawo maka ka kai gari a cika amana ce, haka nan kiret ɗin dila idan nasa ne ya bar maka, haka nan baro ko janareton da kai ma ka aro. Ka juya littafin ka fara daga bayansa, ka ba wannan ɓangare gidaje iri ɗaya: ranar da aka kawo, mai ita, ranar da ka ce a zo a karɓa, ranar da aka karɓa, da wanda ya karɓa. Ka ɗaura wa kowace tukunya guntun kwali da sunan mai ita kafin ta hau mota, domin a wurin cikawa tukwane suna cakuɗewa, kuma ba mamaki ɗaya daga cikin biyun da ka rasa ta wannan hanya ta bi, an ba wani taka a madadin tasa.

Injin ban ruwa shi ne inda kwanaki suke zama kuɗi kai tsaye. A ce kana bayar da shi haya naira 3,000 a rana, wannan misali ne kawai, ka sa naka farashin. Manomi ya karɓa ranar Talata 7/1 da alkawarin Alhamis 9/1, bai kawo ba sai Talata 14/1. Kwana biyar na ƙari naira 15,000 ke nan, ban da manomin da ya zo nema ranar Juma'a ka ce babu, ya tafi wurin wani. Idan ba a rubuta ranar fita ba, ranar biya zai ce Laraba ya karɓa, kai ka ce Talata, kuma cikinku babu maƙaryaci, mantuwa ce. Ku daidaita tun farko yadda ake ƙirga kwana, ko daga safiya zuwa safiya, ko daga lokacin da ya ɗauka, kuma ku faɗi a fili cewa kwanan da ya ƙaru kuɗinsa yana nan. Ka rubuta abin da ya bi injin ɗaya bayan ɗaya, tiyon zuƙo ruwa, tiyon turawa da tsawonsa, igiyar tayarwa, domin waɗannan ƙananan ne suka fi zama a fadama. Ka tayar da injin a gabansa ranar fita, ka sake tayarwa ranar dawowa, ka duba baƙin mai. Sharaɗi ɗaya kuma kada ka sassauta shi: wanda ya karɓa ba zai miƙa wa maƙwabcin gonarsa ba sai injin ya dawo shago an buɗe sabon layi, ko aƙalla a kira ka a waya ka rubuta sabon suna da sabuwar rana. Injin da ya bi hannu uku a layi ɗaya, ranar da ya lalace ba za ka sami wanda zai ce a hannunsa ne ba.

Maganar kuɗin ajiya tana bukatar natsuwa. Ga baƙo da masu biki, ka karɓi abin da ya yi kusa da kuɗin sayen wani a yau, kuma ka riƙa duba shi idan farashi ya motsa, domin ajiyar da ba ta kai rabin kuɗin tukunya ba tana sa riƙe tukunyar ya fi dawo da ita riba. Wannan kuɗi ba ciniki ba ne, na mai shi ne har sai an tabbatar kayan sun ɓata, saboda haka ka ajiye shi daban, kada ka saro kaya da shi, don kada mutum ya kawo tukunya ka ce ya dawo gobe. Amma na san a gari irin naka akwai waɗanda ba za ka iya buɗe baki ka nemi ajiya a wurinsu ba, kawu ne ko suruki ko liman. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum, kuma kayan da suka fi daɗewa a waje galibi a hannun na kusa suke. Ga waɗannan ka yafe ajiya amma kada ka yafe rubutu, sannan ka sa iyaka: ba a ɗaukar na biyu sai na farko ya dawo. Idan kowa ake rubutawa, babba da yaro, ba wanda zai ji an ware shi. Wanda ya ce ai rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa a hankali cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa tsakanin muminai. Wanda bai iya karatu ba, ka karanta masa layinsa a gaban mutum guda, ya dangwala yatsa idan kayan masu tsada ne.

Duk wannan yana rushewa idan kai kaɗai ne ke rubutu. Littafin ya zauna a shago da biro a ɗaure jikinsa, kuma duk wanda ke jiran shago, ɗanka ne ko yaronka, ya san cewa ana rubutawa ne kafin kaya su ƙetare ƙofa, ba da dare ba. Ka riƙa ɗaukar hoton shafukan da wayarka duk ranar ƙidaya, saboda ruwan damina da gara.

Bin kaya kuwa ya fi sauƙi idan an fara da wuri. Kwana ɗaya kafin ranar alkawari ka kira ka tuna, wannan ba ya ɓata wa kowa rai. Idan an wuce da kwana biyu ko uku ka aika yaro da baro ya ɗauko, domin sau da yawa abin da ya hana kawowa nauyin ɗauka ne kawai. Idan ya kai mako biyu ka je da kanka da littafi a hannu. Sai abin ya faskara, kuma kayan masu tsada ne, sannan a sa wani dattijo ko mai unguwa a ciki. Idan ta tabbata kaya sun ɓata, kada ka bar layin a buɗe har abada: ka rubuta ranar, ka rubuta cewa ya ɓata, ka cire daga kuɗin ajiya ko ku daidaita biya, ko ka yafe idan ka ga dama, sannan ka rage jimlar shafin farko don ƙidayar mako ta ci gaba da faɗin gaskiya.

Game da waɗanda suka riga suka fita ba rubutu, ka fara da ƙirga duk abin da ke shago yau, ka sa wa tukwane da injina lamba, sannan ka zagaya wurin duk wanda ka saba ba kaya ka ce kana buɗe sabon littafi, kana so ka rubuta abin da ke wurin kowa. Kada ka tambayi tun yaushe, kada ka nuna ɓacin rai. Abin da mutum ya nuna maka ka rubuta shi da ranar da ka gani a matsayin ranar fita, ku sa ranar alkawari a nan take. Ka ba wannan zagaye mako biyu, abin da bai bayyana ba bayan nan ka cire shi daga jimla, ka yi ƙidayarka ta farko a Asabar mai bi da lambar da ta rage.